Me zan faɗa wa Mama a barandar asibiti?

Assalamu alaikum Anti. Mahaifinmu mai shekara 64 ya daɗe yana fama da hawan jini, ranar Litinin da asuba sai ya yanke jiki ya faɗi yana cikin alwala. Likitoci sun ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannunsa da ƙafarsa na dama ba sa motsi, kuma ba ya iya magana. Yau kwananmu uku a baranda, mutum ɗaya kawai ake bari ya shiga wurinsa. Ni ce babba a gidan, ni nake magana da likitoci. Mama kullum tambayarta ɗaya, wai zai tashi? Jiya da na ga ta ƙi cin abinci, sai na ce mata likita ya ce nan da mako guda za a sallame mu, alhali bai faɗi haka ba. Tun daga lokacin na kasa haɗa ido da ita. Me zan ce mata da zai ƙarfafa mata gwiwa ba tare da na yaudare ta ba?

Daga wata 'yarki a Gusau

Wa alaikumus salam 'yata. Sannunku da jinya, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ya ba ku ladan ɗawainiya.

Zancen mako gudan nan shi za ki fara warwarewa, kuma ki warware shi yau, kada ki bari ranar ta zo ta warware shi da kanta. Mahaifiyarki tana ƙirga kwanaki ko da ba ta faɗa miki ba, kuma ranar da makon ya cika ta ga Baba yana kwance da roba a hanci, abu biyu za ta rasa a lokaci guda: fatan da ta riƙe, da kuma yardar da ta yi da bakinki. Na biyun ya fi tsada, domin jinyar wannan ciwo doguwa ce, kuma akwai ranakun da ke tafe da za ki zo mata da labari mai daɗi na gaskiya, kina so ta yarda da shi har cikin ranta. Ba sai kin yi dogon bayani ba. Ki zauna kusa da ita bayan ta idar da salla, lokacin da 'yan dubiya suka ragu, ki ce: "Mama, jiya na yi gaggawar baki saboda na ga kin ƙi cin abinci. Likita bai yanke ranar sallama ba, ni ce na faɗa don hankalinki ya kwanta. Ki yafe mini. Daga yau duk abin da ya faɗa mini, shi zan faɗa miki, ba ragi ba ƙari." Mai yiwuwa ta yi kuka, mai yiwuwa kuma ta ce miki dama ta sani, domin matar da ta yi shekaru masu yawa da miji ba ta buƙatar likita kafin ta gane jikinsa ya yi tsanani.

Bayan wannan, sai ki nemi abin da za ki gina magana a kansa, domin wanda bai san halin da ake ciki ba ba shi da abin faɗa sai alkawari. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Akwai wadda jini ya daskare ya toshe jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa, kuma ita ce ta fi yawa, akwai kuma wadda jijiyar ta fashe jini ya zuba. Da ido ba a iya bambanta su, sai da hoton ƙwaƙwalwa wanda ake kira siti sikan, kuma maganinsu ya sha bamban. Da safe idan likitoci sun fito daga zagayen duba majinyata, ki tsaya a bakin ƙofa da takarda da biro, ki nemi minti biyar, ki yi tambaya uku. Wace iri ce, kuma girman wurin da ya taɓu yaya yake? Me kuka fi jin tsoro a cikin kwana biyu masu zuwa? Wace alama ce idan muka gani za mu san an samu ci gaba? Ki rubuta amsar da kalmomin likitan, domin mai jinyar da bai yi barci ba yakan ji abin da zuciyarsa take so, ya manta sauran. Idan ya ce miki Baba yana "sitebul", ki sani ma'anarta ita ce jikin bai ƙara taɓarɓarewa ba, yana nan yadda yake. Wannan abin godiya ne a kwanakin farko, amma kada ki juya wa Mama shi da cewa ya warke ko ya kusa tashi. Ki ce mata: "Jiki bai ƙara tsanani ba tun jiya, kuma likita ya ce abin da suke nema ke nan a yanzu."

Akwai abin da nake so ki sani game da kwanakin da kuke ciki. Idan wurin da ya taɓu a ƙwaƙwalwa yana da girma, yakan kumbura, kuma kumburin yakan kai ƙarshen ƙarfinsa tsakanin kwana na uku da na biyar. Shi ya sa wani majinyacin da yake buɗe ido a rana ta biyu sai a ga barci ya rinjaye shi a rana ta huɗu, iyali su ɗauka ajali ne ya zo, alhali wani lokaci ƙarshen tsanani ne, bayansa kumburin ya fara sauka. Ba kowa ne yake haye wannan gaɓa ba, ba zan ɓoye miki ba, kuma idan kika ga barcinsa ya yi nauyi fiye da jiya, ko yana amai, ko numfashinsa ya canza, ki kira nas nan take, kada ki jira zagayen safe. Amma sanin wannan yana ba ki magana mai ƙarfi wadda babu ƙarya a cikinta: "Mama, kwanakin nan su ne mafi nauyi a wannan ciwo, likitoci sun san da su, suna sa ido. Duk daren da ya wuce lafiya, mun rage hanya." Wannan fata ne gajere, na kwana ɗaya, kuma irinsa ne zuciyar mai jinya take iya ɗauka. Idan an haye makon farko, sai ki ɗan tsawaita shi, domin mafi yawan sauƙin da ake samu a wannan ciwo yana zuwa ne a cikin wata uku na farko, ya ci gaba a hankali har wata shida da bayansu, musamman idan an dage da gashin ƙashi. Sau da yawa ƙafa takan riga hannu dawowa. Iyakar inda Baba zai kai, babu likitan da zai iya yanke miki a mako na farko, saboda haka ke ma kada ki yanke wa Mama.

Idan ta sake tambayarki ko zai tashi, kada ki yi saurin amsawa. Ki kama hannunta ki ce: "Rai a hannun Allah yake, Mama, ni da ke da likita duk ba mu san gobe ba. Abin da na sani shi ne yau yana numfashi da kansa, ya buɗe ido da na kira shi, kuma ana yi masa duk abin da ya kamata." Abin da kika gani da idonki a ranar, shi za ki sa a wurin waɗannan misalai. Ki koyi duba alamun da kyau don kada ki kai mata albishir ɗin da zai rushe. Idan kika sa yatsunki a tafin hannunsa ya damƙe, wannan kaɗai bai isa shaida cewa ya ji ki ba, domin hannun wanda ƙwaƙwalwarsa ta taɓu yakan damƙe abin da aka sa masa ba da nufinsa ba. Ki ce masa ya saki, ko ya ɗaga yatsu biyu na hannun hagu, ko ya rufe ido ya buɗe. Idan ya bi umarnin, to kin samu labari na gaske, ki fita ki faɗa wa Mama shi dalla-dalla, har da yadda ya dube ki, domin ƙananan abubuwan nan su ne abincin mai zaman baranda. Idan kuma yatsun hannun dama suka fara ɗan miƙewa, ko kafaɗar ta ɗan ɗaga a kwanakin farko, ki gaya wa likita, domin alama ce da suke farin ciki da ita game da dawowar hannun.

Rashin maganar nan shi ne zai fi cin ran mahaifiyarki, don haka ki yi mata bayaninsa tun kafin ta shiga. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa ɓarin jiki na dama, kuma a wurin mafi yawan mutane nan ne mazaunin magana, shi ya sa ciwon da ya kama dama yakan tafi da harshe. Wannan ba hauka ba ne, ba kuma aikin iska ko sammu ba ne. Wasu majinyatan suna fahimtar kusan duk abin da ake faɗa, kalmar ce take ƙin fitowa; wasu kuma fahimtar ma takan yi rauni, amma suna gane murya da fuska da taushin magana. Saboda haka duk wanda zai tsaya a gefen gadon ya ɗauka Baba yana ji, kada a yi zancen kuɗin magani ko gado ko wane da ya rasu da irin wannan ciwo a kansa. Sannan ki faɗa mata cewa masu wannan ciwo sukan fashe da kuka ba tare da sun yi niyya ba, wani lokaci ma da dariya, domin ciwon yana taɓa abin da ke riƙe hawaye. Na ga matan da suka ga hawayen mijinsu suka ɗauka bankwana yake yi, suka fito baranda suka zube. Idan ta san da wannan tun da farko, za ta share masa hawayen ta ci gaba da yi masa hira, ta gaya masa jikoki suna gaishe shi, ta karanta masa abin da ya saba karantawa da asuba.

Yanzu ga abin da ya sa nake tsananta wa kan zancen gaskiya, kuma daga gidanmu na koye shi. Shekarun baya yayana ya kwanta da irin wannan ciwo a wani asibiti. A rana ta biyar ya buɗe ido ya gane mu, farin ciki ya sa na buga waya gida na ce ya samu sauƙi sosai, saura kaɗan. Da yamma gwaggonmu ta zo da kunun gyaɗa a filas, ta ce mutumin da ya samu sauƙi ai ba za a bar shi da abincin roba ba. Ta faki idon nas ta ɗaga kansa ta ba shi cokali uku ko huɗu. Ina tsaye, na ji ya ɗan yi tari, muryarsa ta koma kamar mai kurkurar ruwa a maƙogwaro, amma na yi shiru saboda kunyar babba. Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe shi, numfashinsa ya yi sauri, aka ce kunun ya bi hanyar iska ya shiga huhu ya zama ciwon huhu. Mun ƙara mako biyu a asibiti saboda wannan, kuma da ƙyar ya sha. Allah ya tashe shi, yau yana tafiya masallaci da sanda, hannun ne bai dawo duka ba. Gwaggo ba ta yi don mugunta ba, maganata ta bi, kuma har yau ina jin nauyin wannan waya da na buga.

Wannan ciwo yakan raunana haɗiya, kuma wani majinyacin abu yakan sarƙe shi ba tare da ya yi tari ba sam. Shi ya sa ba a ba shi komai ta baki, ko ruwa, sai an gwada haɗiyarsa an ba da izini, kuma shi ya sa ake sa robar abinci ta hanci. 'Yan uwa za su zo da zamzam da rubutu da zuma da man habbatus sauda, kowa da kyakkyawar niyya. Kada ki yi musu da su a kan albarkar abin da suka kawo, ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, sannan ki ce: "Likita ya hana a ba shi komai ta baki har sai haɗiyarsa ta dawo. Za mu shafa masa zamzam a fuska da hannu, a yi masa tofi, sauran mu ajiye." Ita ma Mama ki faɗa mata cewa robar hanci da iskar oksijin, idan an sa masa, ba alamar an fid da rai ba ce kamar yadda mutane da yawa suke ɗauka. Robar hanyar abinci da magani ce har maƙogwaro ya farfaɗo, kuma da yawa ana cire musu ita su koma cin tuwo da hannunsu.

'Yan dubiya kuwa, ke ce mai tsaron ƙofar kunnen mahaifiyarki. Za a samu mai cewa maƙwabcinsu kwana uku ya yi ya miƙe, za a samu mai cewa wane haka ya yi wata biyu ya cika, za a samu mai cewa ku ɗauke shi daga asibiti ku kai shi wurin mai magani. Duka ukun suna cutarwa, na ukun kuma yana iya kashewa a kwanakin nan. Ba sai kin yi wa babba tsawa ba. Ki tare shi tun daga bakin baranda ki gaishe shi, ki ba shi labarin ranar a jimla biyu, ki roƙe shi ya yi wa Mama addu'a kawai. Idan aka samu kawu ko baffa mai faɗa a ji, ki ɗora masa wannan aiki, domin maganarsa za ta fi taki shiga. Kuna da hujja a addini: Muslim ya ruwaito daga Ummu Salama cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan kun halarci mara lafiya ko mamaci ku faɗi alheri, domin mala'iku suna cewa amin a kan abin da kuke faɗa. A Bukhari kuma, idan ya shiga duba mara lafiya yakan ce "la ba'asa, ɗahurun in sha Allah", wato babu komai, tsarkakewa ce idan Allah ya so. Ki lura da yadda kalmar ta cika da fata amma ba ta yanke rana ba, ta jingina al'amarin ga nufin Allah. "Da sauƙi" ɗin da muke amsa wa mai cewa ya jiki ita ma haka take, addu'a ce da kyautata zato, kowa ya san da haka, ba ta zama ƙarya sai an haɗa ta da sunan likita da ranar sallama.

Kada ki hana ta kuka, kuma ki rage yawan ce mata ta yi haƙuri, domin wanda aka yi ta ce wa ya yi haƙuri yakan ji kamar ana tuhumarsa da rashinsa. A cikin Suratu Yusuf, Annabi Yakubu ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ya ce yana kai kukansa ga Allah ne, kuma a aya ta 87 shi ne dai ya ce wa 'ya'yansa kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Hawaye da fata sun zauna a zuciya ɗaya, kuma za su iya zama a zuciyar Mama. Abin da zai fi taimaka mata shi ne ki ba hannunta aiki. Ki roƙi nas ta koya mata yadda ake juya shi daga wannan gefe zuwa wancan duk bayan awa biyu don kada bayansa da ƙugunsa su yi gyambo, da yadda ake goge masa baki, da yadda ake tallafa hannun da ya shanye a kan matashi. A gargaɗe ta kada a taɓa jan wannan hannu wajen ɗaga shi, domin kafaɗar ta saki, tana iya gocewa ta bar masa ciwo na watanni. Zancen abinci ma ta nan za ki biyo mata: "Mama, idan aka mayar da shi babban ɗakin majinyata ke ce za ki fi kowa zama da shi, kuma ba za ki iya ba idan ba ki ci ba." Idan ita ma tana da hawan jini ko ciwon suga, ki tabbatar maganinta yana cikin jakarta kuma tana sha.

Akwai yiwuwar wata safiya likita ya kira ki gefe ya ce jiki ya yi nisa. Allah ya kiyaye, amma gara ki san abin da za ki yi. Kada ki ɗauki wannan ke kaɗai, ki kira kawunku ko baffanku ku ji tare, sannan ku je wurin Mama ku biyu. Ki fara da cewa labarin yau ba irin wanda muke so ba ne, ki dakata ta shirya, sannan ki faɗi abin da aka faɗa a gajarce. A irin wannan rana abin fatan yana canzawa, amma ba ya ƙarewa: cewa ba ya jin zafi, cewa za a bar ta ta zauna kusa da shi, cewa za a kira 'ya'yansa na nesa su zo, cewa za a riƙa karanta masa kalmar shahada a hankali kusa da kunnensa. Waɗannan duk abubuwa ne da za ki iya nema daga ma'aikatan, kuma yawanci ba sa hanawa idan an roƙa da ladabi. Ɓoye mata gaskiya a ranar zai iya hana ta zaman ƙarshe da mijinta, kuma wannan ba ya ramuwa.

Ke ma 'yata, ki raba kwana da ƙannenki, ki samu daren da za ki koma gida ki yi barci a kan gado, ki bar takardar tambayoyin a hannun wanda ya karɓe ki. Gobe da safe bayan zagayen likitoci, ki fito ki zauna a tabarmar Mama, ki karanta mata abin da kika rubuta, sannan ki nemi izinin nas ki ba ta naki lokacin shiga, ta je ta gaishe da mijinta da bakinta. Ina jiran wasiƙarki ta gaba, Allah ya ƙara sauƙi.